Kafin alƙalami ba riba ba ne: abin da buhu 100 na wake ya koya mini

Shekarata ashirin da 'yan kai ina zaune a Kwatano, ina sauke wake da albasa daga Maraɗi ina sayarwa a kasuwar Dantokpa. Na yi asara iri-iri, ta ruwan sama, ta mota, ta mutanen da suka ci bashi suka ɓace. Amma wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce wadda na jawo wa kaina ranar da kuɗi suka shigo hannuna da yawa. Ba wanda ya cuce ni. Kuɗin mutane na karɓa, na ɗauka nawa ne.

A farkon watan Nuwamba ne, kaka ta yi, wake ya cika kasuwannin Maraɗi. Wata mata 'yar ƙasar nan, wadda take kai kayan abinci makarantun kwana, ta zo rumfata. Mun daɗe muna ciniki, Madam nake ce mata, ita kuma Alhaji take ce mini. Ta ce tana son buhu 100 na farin wake, amma ba ta da wurin ajiya, sai cikin Fabrairu take buƙatarsa. Muka yi ciniki a kan sefa 30,000 kowane buhu, a sauke mata a Kwatano. Jimla miliyan 3 ke nan. Nan take ta ƙirga mini sefa 1,200,000 kafin alƙalami, abin da wasunmu ke ce wa abans, sauran 1,800,000 sai ranar da kaya suka sauka.

A ranar buhu yana 20,000 a Maraɗi. Kuɗin mota ta Doso da Gaya da Malanbil da Paraku, da na 'yan dako, da na kwastan da na hanya, na ƙiyasta 5,000 a kan kowane buhu. Ke nan buhu zai tsaya mini 25,000, in ci ribar 5,000. Sau 100, rabin miliyan. Na koma gida ranar ina jin kamar na riga na sa ribar a aljihu.

Inda kuɗin suka bi

Na aika wa ƙanena a Maraɗi sefa 500,000, ya saya mini buhu 25 ya zuba a sito. Sauran 700,000 na ce bari su ɗan jira, ai akwai lokaci. To, kun san kuɗi ba sa jira a hannun mai iyali. Bikin 'yata ya matso, kayan ɗaki ba su cika ba, na zari 400,000. Mai rumfa ya zo karɓar hayar shekara, ga kuma wani tsohon bashin albasa, na haɗa su na biya da 300,000. Kowane zari na yi, ce wa kaina nake yi aro ne, da albasa ta fita zan mayar.

A ƙarshen Disamba ɗan yayata, wanda ya karanta lissafin kuɗi kuma yake aiki da wani kamfani a nan, ya zo taya ni rufe littafin shekara kamar yadda ya saba. Yana bin shafin ciniki da yatsa sai ya tsaya.

Ya ce, "Kawu, wannan miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, me ka sayar?"

Na ce, "Wake ne, na Madam."

Ya ce, "Ta karɓi waken?"

Na ce sai Fabrairu.

Ya ce, "To ai ba ka sayar da komai ba tukuna, Kawu. Bashi ka ci. Bambancinsa da sauran bashi, shi da wake za ka biya."

Raina ya ɗan sosu. Yaron da aka yi wa suna a gabana ne yake gaya mini na ci bashi. Amma da na kwanta da dare na juya maganar, na ga ba ta da makusa. Da a daren nan Madam ta buga waya ta ce ta fasa, ko ni na kasa kawo kaya, me zan yi? Dole in mayar mata da kuɗinta. Abin da za a iya zuwa a karɓe daga hannunka gobe, ai bai zama naka ba.

Yadda ake rubuta shi

Abin da yaron ya nuna mini ba shi da wuya, ko wanda bai yi boko mai zurfi ba zai iya. Ya buɗe sabon shafi a bayan littafin, ya rubuta a samansa: kayan mutane da ke wuyana. Ya soke 1,200,000 daga shafin ciniki ya kawo shi nan, da ranar da aka karɓa, da yawan buhun da aka yi alkawari, da ranar saukewa.

Ke nan ranar da ka karɓi kafin alƙalami, wuri biyu kake rubutu. Shafin kuɗin da ke hannu ya ƙaru da 1,200,000, shafin abin da ake bin ka shi ma ya ƙaru da 1,200,000. Ɗaya ya cinye ɗaya. Dukiyarka ba ta ƙaru da ko dala ba, shafin ciniki kuwa ba ka taɓa shi ba.

Sai ranar da kaya suka sauka, mai kaya ta duba ta karɓa, sannan ciniki ya faɗa. A ranar kake rubuta miliyan 3 gaba ɗaya a shafin ciniki, ka soke 1,200,000 daga shafin abin da ake bin ka, ka rubuta 1,800,000 a matsayin abin da kai kake bin ta har ta biya. In kuma kayan kashi biyu za su zo, to kashi biyu za ka rubuta: buhu 50 sun sauka, cinikin 1,500,000 ya faɗa, a cire rabin kafin alƙalamin, wato 600,000, in haka kuka shirya, sauran rabin yana nan a wuyanka.

Ya ce mini masu lissafi suna raba shekara gida huɗu, wata uku-uku, kuma kowane ciniki ana rubuta shi a watannin da kaya suka fita, ba a watannin da kuɗi suka shigo ba. Nawa kuɗin sun shigo a kashi na ƙarshe na shekara, kayan za su fita a kashi na farko na shekara mai zuwa. Da an bar shi yadda na rubuta, littafina zai nuna na yi cinikin da ban yi ba a bana, baɗi kuma ya nuna na fitar da buhu 100 na karɓi kuɗi kaɗan. Shekaru biyun duka sun zama ƙarya. Wanda ake yanka masa haraji bisa yawan cinikinsa na shekara, ko wanda yake da abokin tarayya da suke raba riba a ƙarshen shekara, ya san abin da wannan ƙaryar za ta jawo: za a raba ribar da ba a samu ba tukuna.

Ga masu rajistar kamfani a ƙasashen da ke bin tsarin OHADA, irin su Benin da Nijar da Togo da Kamaru da Chadi, wannan shafin yana da lambarsa a tsarin lissafi. Kafin alƙalamin da aka karɓa daga mai saye yana shiga asusu mai lamba 4191, sayar da haja kuma 701. Ghana da Najeriya ba sa cikin wannan tsarin, lambobinsu daban ne, amma hukuncin ɗaya ne: kuɗin yana zaune a ɓangaren bashi har kaya su fita. In kana da akanta, ka tambaye shi inda ya sa naka.

Bashin da ke girma yana kwance

Inda abin ya fi ciwo shi ne nan. In ka ranci sefa 1,200,000, bayan wata uku 1,200,000 za ka biya. Amma ni ba kuɗi na yi alkawari ba, buhu 100 na yi alkawari, a farashin da aka riga aka yanke. Wake kuwa kowa ya san halinsa: da kaka yana araha, da an shiga rani manoma sun gama fitar da nasu, masu sito sun kulle, sai ya fara hawa. Duk jika ɗaya da ta hau kan buhu a Maraɗi, ta hau wuyana sau yawan buhunan da ban saya ba.

Albasar da na dogara da ita ba ta fita da wuri ba, wadda ta fita ma bashi aka ɗauka. Kafin in tattara kuɗi Janairu ta kusa ƙarewa. Na buga wa ƙanena waya, ya ce, "Yaya, buhu yau 27,000 ne, kuma in ka ƙara mako ban san inda zai kai ba."

Na zauna na buga lissafi. Buhu 75 da suka rage a 27,000, sefa 2,025,000. Sannan da aka buɗe sito, buhu 25 ɗin nan da na saya tun Nuwamba a buhun da aka saba aka zuba su, ƙwari sun shiga. Da aka sheƙe aka tsince, buhu 3 sun tafi, sai da na cike su da 81,000. Ga kuɗin hanya 500,000. In ka haɗa da 500,000 na farko, kayan sun tsaya mini 3,106,000. Na sayar a miliyan 3. Ribar rabin miliyan da na yi ta murna da ita ta koma asarar 106,000.

Da tun ranar farko na aika da kuɗin Madam gaba ɗaya, da sun sayi buhu 60 a 20,000. Ko da sauran 40 ɗin na saye su da tsada a 27,000, da kayan sun tsaya mini 2,780,000 har da kuɗin hanya, in tashi da ribar 220,000. Tsakanin wannan da abin da ya same ni akwai sefa 326,000. Kuɗin da na biya ke nan don na ari 700,000 na wata uku daga aljihun da ba nawa ba. Ko mai ba da bashi da ruwa bai isa ya yanka mini haka ba.

Asarar ma ba ita ce ta hana ni barci ba. Kafin Madam ta ba ni cikon 1,800,000, sai na fitar da 2,606,000 daga jikina, don mota ba ta tashi da alkawari. Abin da na tara bai kai ba. A nan ne uwargidana ta shigo maganar. Ta lura kwana biyu ba na cin tuwo, ta ce, "Alhaji, lafiya?" Na gaya mata komai. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ashe gadon da muka kai wa yarinyar nan da kuɗin mutane aka saye shi? Da ka faɗa mini, ai da mun rage." Washegari ta kawo mini kuɗin adashinta da ta kwasa, ta sa aka sayar da shanunta biyu da ke wurin 'yan uwanta a gida. Na ranci cikon wurin wani abokina a Zongo. Kaya suka sauka kwana tara bayan ranar alkawari. Madam ta karɓa, ta biya, ba ta yi faɗa ba. Amma shekara biyu ba ta sake ba ni kafin alƙalami ba, sai dai ta zo ta saya hannu da hannu. Ta gane, ko da ban faɗa mata ba.

Takardar da ya kamata mu rubuta

Abin da na ba Madam ranar farko 'yar takarda ce mai layi biyu: na karɓi kaza, za a kawo wake buhu 100. Allah ya rufa asiri mace ce mai haƙuri. Yanzu ba na karɓar ko jika goma sai an rubuta abubuwan nan, kowa ya sa hannu gaban shaidu biyu, kowa ya riƙe tasa.

Na farko, kayan da kansu. Ba a cewa wake kawai. Fari ne ko ja, manyan ƙwaya ko ƙanana, na bana ne, kuma buhun kilo 100 ne ko mai tiya 40 ne, don ba kullum suke zuwa daidai ba. Nakan ɗebi samfur a leda biyu a ɗaure, ɗaya wurina ɗaya wurin mai saye. Ranar sauke kaya ba a musu, a kwance leda a gwada.

Na biyu, rana da wuri. Ba a cewa cikin Fabrairu, a ce daga ranar kaza zuwa ranar kaza, kuma a faɗi ko a tasha za a sauke ko a ƙofar sitonta, da wanda zai biya 'yan dako.

Na uku, farashi. Ko dai an yanke shi ba ya motsi, ko kuma an bar shi a kan farashin kasuwa na ranar saukewa. In ka yarda da yankakken farashi, ka sani kai ka ɗauki haɗarin hawan kaya. 'Yan uwanmu na Kumasi da Accra da ke karɓar sidi su sayo da sefa, da masu karɓar naira, nasu haɗarin biyu ne, na kaya da na canji. Su kam ranar da kuɗin suka shigo ya kamata su canza su zuwa kuɗin da za su yi sayayya da shi.

Na huɗu, in an fasa fa? Dokar da ƙasashen Faransanci suka gada ta san kafin alƙalami iri biyu. Akwai wanda yake somin biya ne, ciniki ya ƙullu, ba mai janyewa sai da biyan diyya. Akwai kuma wanda ya bar ƙofa a buɗe: in mai saye ya fasa kuɗinsa sun tafi, in mai sayarwa ya fasa ya mayar da ninki biyu. Kalma ɗaya ta Faransanci a kan rasit tana iya raba su, kuma da yawanmu muna sa hannu ba mu san wadda aka rubuta ba. Kada ka dogara da kalma ɗaya. A rubuta dalla-dalla: in ta fasa kafin a sayi kaya, nawa za a mayar, in ta fasa bayan an loda mota, nawa za a cire, in ni na kasa, cikin kwana nawa zan mayar.

Na biyar, hanya. Mun ga Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 har Disamba 2020. Mun ga gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil ta rufe bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, motoci suka yi layi kaya suna lalacewa. Duk wanda yake da alkawari a wuyansa a lokutan nan ya san yadda ya ji. A rubuta tun farko: in an rufe iyaka ko an hana fitar da kayan, za a ƙara wa'adi ne, za a raba ƙarin kuɗin zagaye ne, ko za a mayar da kuɗi.

Yadda za ka gane ka fara ci

Ba wanda yake tashi da niyyar cin kafin alƙalami. Da kaɗan-kaɗan yake tafiya. Shi ya sa duk ranar Juma'a da yamma nake yi wa kaina tambaya biyu da alƙalami a hannu.

Ta farko: kuɗin mai kaya da suka rage a ajiye, in na haɗa da kayan da na riga na saya masa a farashin da na saye su, sun kai abin da ya ba ni? A Disambar nan da na yi wannan lissafin, da na ga buhu 25 na 500,000, kuɗi babu, an ba ni 1,200,000. Ramin 700,000 a fili.

Ta biyu: in yau zan cika alkawarin, a farashin yau, nawa zan kashe? In abin ya fi ragowar kafin alƙalamin da cikon da za a ba ni, to asara ta riga ta fara, kuma gara in saya yau in tsayar da ita da in jira gobe.

Akwai alama ta uku, ita ce mafi muni: ka karɓi kafin alƙalamin wani don ka sauke kayan wani. Daga waje kasuwa tana tafiya, mota tana zuwa, mutane suna cewa Alhaji ya samu. Amma ranar da sabon mai kawo kuɗi bai zo ba, ranar komai yake rushewa. Na san rumfuna a kasuwar nan da haka suka rufe.

Yanzu kuɗin kafin alƙalami ba sa haɗuwa da na rumfa. Suna da asusunsu daban, kuma ba sa wuce mako ba su koma kaya ba. In wake ne, ana saye a busar da shi sosai, a zuba a buhun PICS mai ruɓi uku, a ɗaure kowace leda daban yadda iska ba za ta shiga ba, a rubuta alamar mai shi a jiki. Kuɗin buhunan ba su kai rabin abin da ƙwari suka ci mini ba. Sannan ba na yarda da yankakken farashi a kan kayan da kafin alƙalamin da jarina ba za su iya saye yanzu ba. In mutum yana son buhu 100 ya ba da kuɗin 60, sai in ce 60 a farashin yau, 40 a farashin ranar da aka saye su. Wasu sukan tafi wurin wani. Ba komai.

Abu na ƙarshe na iyali ne. Mu baƙi ne a ƙasashen nan, yau muna Kwatano gobe muna kan hanyar Maraɗi, rai kuwa ba a hannunmu yake ba. In mutum ya faɗi, iyalinsa suka tarar da miliyan a asusu da buhu 60 a sito, za su ɗauka gado ne, alhali bashi ake fara biya kafin a raba. Uwargidana da babban ɗana sun san inda littafin yake, sun san shafin baya, sun san duk abin da ke cikinsa na mutane ne.

Shanun nan biyu sai da na yi shekara guda da rabi kafin na mayar mata da su. Har yau in ta ga na shigo gida da fara'a na ce an kawo kuɗi, takan tambaye ni, "Namu ne, Alhaji, ko na shafin baya?"